Wasiƙa zuwa ga Kawu Alhaji

Argungu,
6 ga Oktoba, 2024.

Assalamu alaikum Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara. Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Kawu, da ka zo Babbar Sallah ka ce in daina yawo da takardun neman aiki, in kawo maka sana'ar da na sani. To, na kawo: injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana.

Ka san fadamarmu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, noman rani ya koma na mai ƙarfi. Bara da idona na ga maƙwabcinmu ya tsaya a bakin gonarsa da jarka ba ko ɗigo, shinkafa ta fara ɗaukar ciki, ƙasa ta tsattsage. Ruwa na nan a rijiyarsa, kuɗin fetur ne babu. Mu ma rabin gonar marigayi Baba muka shuka.

Na yi tunanin cajin waya, amma a layinmu kaɗai masu yi uku ne. Ajiyar albasa kuwa sai mutanen Aliero, ni ruɓewa za ta yi a hannuna.

Na je Birnin Kebbi na tambayo. Injin da faifan sola shida da waya da tiyo za su ci N950,000. Na tara N270,000 daga aikin wayarin da ragon da na sayar. Saura N680,000 nake roƙo, kuma bashi nake so, ba kyauta ba.

Manoma uku da gonakinsu ke jikin tamu sun yarda in riƙa ba su ruwa, kowa ya biya buhu huɗu na shanshera in an yi girbi. Buhu 12 ke nan, ban da abin da gonarmu za ta bayar. Ko buhu ya faɗo N35,000, an sami N420,000. Zan biya ka rabi bayan girbin bana, ragowar a rani mai zuwa, in Allah ya yarda.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Ranar da hazo ya rufe, ruwan tsirit yake zuwa, da dare kuma ba ya aiki sam. Shi ya sa ba zan sayar da tsohon injin Baba ba. Ɓarayi ma suna son faifan, don haka kullum da magariba zan loda su a amalanke in kai gida.

Ana zuba iri a Disamba, ina so kafin nan in gwada shi a rijiyarmu. In ka fi so, kar ka ba ni kuɗin a hannu, ka tura wa mai shagon da kanka. Ranar Juma'a zan shigo da takardar farashin.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Nasiru