Sanarwa ga Maniyyata Umarar Azumi da Aikin Hajjin Bana

Assalamu alaikum. Muna sanar da maniyyata maza da mata cewa mun buɗe rajistar Umarar goman farko na watan Ramadan, kuma mun fara karɓar sunayen masu niyyar sauke farali bana. Mun zayyana abin da kuɗinku zai biya da abin da ba zai biya ba, domin kowa ya yanke shawara ido buɗe.

Tafiyar Umara kwana 14 ce, 4 a Madina, 10 a Makka. Kuɗin kujera Riyal 8,500 ne ga mai kwana a ɗakin mutum huɗu, Riyal 10,200 kuma ga mai son ɗakin mutum biyu, ana lissafa shi da canjin ranar da aka biya, a rubuta canjin a jikin rasit. Wannan kuɗi ya haɗa da biza, da tikitin jirgi zuwa da dawowa, da masauki, da abincin sahur da buɗe-baki, da motar da za ta ɗauke ku daga Madina zuwa Makka tare da tsayawa a mikatin Zul Hulaifa domin ɗaura harami, da ziyarar Masallacin Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini. Bai haɗa da kuɗin fasfo ba, ko allurar sanƙarau, ko guzuri, ko kuɗin kayan da suka haura nauyin da kamfanin jirgi ya ƙayyade. Wanda ya fi son jirgin ƙasa na Haramaini a maimakon mota zai cika bambancin.

Batun masauki ne aka fi samun saɓani a kansa, saboda haka za mu tsaya a nan. A Madina otal ɗinmu yana cikin Markaziyya, tafiyar kamar minti biyar zuwa harabar masallaci. A Makka kuwa yana kan titin Ibrahim Khalil, kimanin mita 900 daga Harami. Matashi mai ƙarfi zai yi ta cikin kwata, amma dattijuwa mai ciwon gwiwa da ta fito daga Tarawihi cikin cunkoso tana iya shafe rabin awa, wani lokacin ma ta zauna ta huta a hanya. Ba za mu ce muku "a bakin Harami" ba, tunda ba a bakinsa yake ba. Duk wanda zai tafi da mahaifi ko mahaifiya mai rauni ya faɗa mana tun wuri, mu nema masa mafi kusa, mu kuma gaya masa ƙarin kuɗin kafin ya biya ko sisi.

Akwai abubuwan da ba a hannunmu suke ba. Hukumomin Saudiyya ne ke ba da biza, mu shigar da takardu kawai muke yi. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake samunsa, jagoranmu zai taimaka wa kowa ya nema, amma gurbi kan ƙare a lokacin azumi. Idan aka hana mutum biza, za mu mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 21, ban da abin da aka riga aka biya na neman bizar, wanda za mu nuna masa shaidarsa.

Game da Hajji, ba mu sa farashi ba tukuna, domin ba mu karɓi adadin kujerunmu daga hukumar alhazai ba, kuma ba ma sayar da kujerar da ba ta zo hannu ba. Rubuta suna a yanzu kyauta ne. Tsarin zai ƙunshi masauki a Makka da Madina, da tanti a Mina da Arfa, da sufuri tsakanin wuraren ibada, da malami mai bita kafin tashi. Kuɗin hadaya ga masu Tamattu'i za a rubuta shi daban. Mu faɗi gaskiya, tantin Mina wuri ne na haƙuri, katifa kusa da katifa, a Muzdalifa kuma a fili ake kwana.

Muna jan hankalin jama'a cewa bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta yin aikin Hajji, wanda aka kama kuwa yana fuskantar tara da kora. Ko wane ne ya yi muku tayin irin wannan hanya, ku guje shi.

Mai sha'awa ya zo da fasfo ɗin da ya rage masa aƙalla wata shida. Lasisinmu yana rataye a bangon ofis, kuna da damar ɗaukar lambarsa ku tabbatar a hukumar alhazai. Ana biyan kuɗi ta asusun kamfani kaɗai, ba a hannun ma'aikaci ko dillali ba, bayan an karanta yarjejeniya an sa hannu. Ofis a buɗe yake daga Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma, kuma za a rufe rajistar Umara ranar 10 ga Sha'aban ko da zarar kujeru 45 sun cika.

Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya, Ya karɓi ibada.