Neman Izinin Gudanar da Taron Maulidi a Filin Ƙwallon Unguwa

Kwamitin Masallacin Unguwa,
Ɗorayi, Ƙaramar Hukumar Gwale,
Jihar Kano.
25 ga Agusta, 2025.

Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Gwale,
Ta hannun Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna neman izinin gudanar da Maulidin Manzon Allah (SAW) na bana a filin ƙwallon unguwarmu, ranar Asabar 13 ga Satumba, 2025, daga bayan sallar La'asar zuwa ƙarfe 10:00 na dare. Za a yi karatun Alƙur'ani, ɗaliban Islamiyya su yi ƙasidu, malamai biyu su karanta tarihin Annabi, a rufe da addu'ar zaman lafiya. Babu siyasa a ciki, kuma mun ja kunnen duk wanda zai riƙe lasifika cewa ba a zo don gugar zana ga wata ɗariƙa ko ƙungiya ba.

Dalilin fitowarmu fili shi ne abin da ya faru bara. A harabar masallaci muka yi, mai ƙofa ɗaya. Hadari ya taso wajen ƙarfe tara, jama'a suka yunƙura lokaci guda, ƙofar ta cushe. Da idona na ga wata yarinya 'yar shekara kamar bakwai ta faɗi a tsakanin ƙafafun manya, sai da wani ɗan agaji ya sunkuce ta ya miƙa ta kan katanga. Allah ya tsare, ta farfaɗo da aka yayyafa mata ruwa, amma tun daga daren muka yi alkawarin ba za mu sake tara mutane a wurin da ba shi da mafita ba.

Muna sa ran mutum 2,500, fiye da rabinsu mata da yara. Mun auna filin, tsawonsa mita 100, faɗinsa mita 60, ko an cire wurin mumbari da hanyoyin wucewa zai ɗauki wannan adadi a zaune kan tabarmi ba tare da matsi ba. Masu tsaron ƙofa za su riƙa ƙirga, da zarar an kai 3,000 za a tsayar da shiga. Ƙofar gabas ta maza ce, ta yamma ta mata, sannan gefen kudu zai kasance a buɗe gaba ɗaya, ba mota, ba babur, ba teburin mai sayar da kaya, don fitar gaggawa da shigowar motar asibiti.

Mun tanadi 'yan agaji 60, 20 daga cikinsu mata, su ne za su binciki 'yan'uwansu mata a ƙofa. Ba a shiga da sanda, wuƙa ko babbar jaka. Akwai rumfar taimakon farko da ma'aikatan jinya biyu 'yan unguwa, da mota a tsaye wadda za ta kai mara lafiya Asibitin Murtala in ta kama. Tunda har yanzu damina ce, janareta zai zauna a bayan fili cikin shinge, wayoyin wuta a sama kan turaku, da tukunyar kashe gobara biyu a kusa. In hadari ya haɗo, Liman zai rufe taro da wuri, a sallami mata da yara tukuna.

Rabon abinci shi ya fi tsaya mana a rai. Ba mu manta da rayukan da aka rasa a turmutsutsun Ibadan da Okija da Abuja a Disambar 2024 ba. Saboda haka ba layi, ba jifa da kuɗi ko alewa daga mumbari. Kowa yana zaune za a kai masa nasa a ƙulle, sahu-sahu, kafin Magariba.

Abin da ya fi ƙarfinmu shi muke roƙo, ranka ya daɗe: a sa baki DPO ya turo mana 'yan sanda, tare da jami'an Sibil Difens da Hisbah, musamman lokacin tashi, da masu ƙwacen waya ke fakon mutane a lunguna. Muna kuma buƙatar jami'an KAROTA su karkatar da 'yan adaidaita sahu daga layin da ya bi gaban filin. Maƙwabta mun bi su gida-gida, sun amince bisa sharaɗin a kashe lasifika ƙarfe goma daidai. Shara kuwa matasanmu za su kwashe ta kafin hantsin Lahadi.

Muna fatan samun amsa a rubuce kafin 5 ga Satumba, don mu samu sanar da jama'a a masallatai. In akwai jami'in da za a turo ya duba filin, a shirye muke mu zagaya da shi, kuma duk gyaran da ya ce a yi za mu yi.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya taya shi riƙo.

Naka,
Sakataren Kwamiti,
a madadin Liman da dattawan unguwa.

Kwafi zuwa ga: DPO, Kwamandan Hisbah na Gwale, Mai Unguwa.