Jadawalin kallo na mako huɗu, don ƙanwata

Tunda kin ce kin gaji da abu ɗaya kullum, ga tsari. Fim biyu a mako, daren Juma'a da na Asabar. Ki kunna fassarar ƙasan allo, ki ajiye waya.

Makon farko, Afirka ta Yamma. Fara da La Noire de... na Ousmane Sembène, 1966: labarin 'yar Senegal da ta tafi aikatau Faransa. Kusan awa ɗaya ne, amma zai daɗe a ranki. Asabar sai Yeelen na Souleymane Cissé, 1987, da harshen Bambara. Tafiyarsa a hankali take, ki yi haƙuri da shi.

Mako na biyu, Iran, kuma nan ne zuciyata take. Children of Heaven na Majid Majidi, 1997: yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka koma karɓa-karɓa da nasa zuwa makaranta. Ki tanadi hankici. Sannan A Separation na Asghar Farhadi, 2011, rikicin aure da za ki rasa wa za ki ba gaskiya.

Mako na uku, Indiya, amma ba wadda muka saba ba. Pather Panchali na Satyajit Ray, 1955, da Bengali, babu rawa. Shi kaɗai ya isa. Asabar ki huta.

Na huɗu, Gabashin Asiya. Seven Samurai na Akira Kurosawa, 1954, ya haura awa uku, ki raba shi biyu. Lahadi ki rufe da Parasite na Koriya ta Kudu, 2019, amma sai yara sun kwanta.