Takardar neman a sake tsara biyan bashin murabaha

Haruna Abdullahi Garba
Shagon Kayan Masarufi na Haruna
Daim Annur, Gadarif

Lahadi, 20 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Manajan Reshe,
ta hannun Jami'in Sashen Ƙananan Sana'o'i,
Reshen Gadarif, Sudan

BATU: Neman a sake tsara biyan ragowar murabaha mai lamba 418 ta shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Na rubuto ne ina roƙon banki ya sake duba lokutan biyan abin da ya rage a kaina, ya ƙara mini wata bakwai a kan wa'adin da muka yi, ya kuma rage kason da nake biya a watannin damina. Ba yafiya nake nema ba, ba kuma ragi a kan jimillar kuɗin ba. Na yi wannan takarda da Hausa saboda ni da kai duk muna ji, kuma da ita nake iya faɗin abin da ke raina daidai. Kwafin Larabci na haɗe da ita domin a sa a fayil.

Ga yadda lissafinmu yake. A watan Oktoba na 2024 banki ya saya mini kaya na fam 6,000,000: sukari, fulawa, man girki, adas, ganyen shayi, madarar gari, taliya da sabulu. Ya sayar mini da su a kan fam 7,200,000, zan biya kashi goma sha biyu, fam 600,000 a ranar 5 ga kowane wata, daga Nuwamba 2024 zuwa Oktoba 2025. Na rubuta cak goma sha biyu, ƙanin mahaifina Alhaji Isa ya tsaya mini. Daga Nuwamba zuwa Afrilu na biya kashi shida ba tare da an kira ni ko sau ɗaya ba. A watan Mayu rabi na iya kawowa, fam 300,000. Na Yuni da na Yuli ban biya ba. Wato na biya fam 3,900,000, saura fam 3,300,000, a ciki har da fam 1,500,000 da lokacinsu ya riga ya wuce.

Lokacin da na nemi kuɗin nan, Gadarif cike take da baƙi masu gudun yaƙi. Tun da Madani ta faɗi a Disambar 2023 mutanen Jazira suka kwararo nan, da aka shiga Sinja a tsakiyar 2024 kuma mutanen Sinnar suka biyo baya, har da danginmu na Mai Wurno. Makarantar da ke tsallaken titi daga shagona ta zama masauki, kowane aji da iyalai a ciki, gidajen unguwa kuma babu wanda bai karɓi wani ba. Waɗannan bayin Allah ba masu kuɗi ba ne, amma kullum sai sun sha shayi, sai sun dafa adas, kuma da yawansu 'yan uwa na turo musu ɗan abin da ya samu daga Saudiyya. Jami'inku ya zo shagon da kansa kafin a amince, ya ga layin da ake yi da safe, ya duba littafina. A watan Nuwamba cinikina a rana yana kai fam 350,000.

Da sojoji suka karɓe Madani a Janairun bana, sannan Khartum a watan Maris, mutane suka fara ɗaure kaya. Na yi musu murna har zuciyata, don babu wanda ke son zaman aji da 'ya'yansa, ni da kaina na taya wasu lodi a mota. Amma gaskiyar magana ita ce sama da rabin masu sayen kayana sun tafi a cikin waɗannan motoci. Azumi ya ɗan rufa asiri, domin sukari da man girki sun tafi sosai a watan Maris, da shi na biya kason Afrilu. Bayan ƙaramar Salla sai shago ya yi tsit. Na sa rai da babbar Salla, ita ma ba ta kawo abin kirki ba, wanda yake da ɗan kuɗi rago ya nufa da shi. Yau cinikina a rana bai wuce fam 130,000 ba, wata rana ma bai kai ba.

Akwai kuma abubuwan da ka fi ni sani, ba sai na tsawaita ba. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disamba ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya a hannun jama'a, kuma masu sayen sukari rubu'in kilo ba su ne masu tura kuɗi ta waya ba. Ɗauke wutar da aka yi ta yi bayan an kai hari tashoshin lantarki ta kashe mini cinikin ruwan sanyi da ƙanƙara, wanda a lokacin zafi shi ke biyan hayar shago. Darajar fam kuma kullum ƙasa take yi. In na sayar da buhun sukari yau, kuɗinsa duka da ribarsa ba sa sayo wani buhun bayan mako biyu, sai na cika daga wani wuri. Wanda ya leƙo shagon zai ga kuɗi na shiga, amma kantocin raguwa suke yi.

Abin da ya fi ɗaure ni shi ne littafin bashi. Mutanen da suka rage mini su ne 'yan unguwa na asali, kuma mafi yawansu manoma ne ko masu aikin gona. Daga watan Yuni duk abin da mutum yake da shi ya tafi wajen iri da man tarakta da kuɗin masu noma. Gidansa kuwa sai an ci. A yanzu ina bin gidaje ashirin da shida fam 1,150,000. Na san za a ce me ya sa mai bashi a kansa yake ba da bashi. Ranka ya daɗe, haka shagon unguwa yake tafiya a garin nan tun zamanin mahaifina: a ci da damina, a biya in an yanke riɗi. In na hana su yau, gobe da kuɗin riɗin ya shigo wani shagon za su kai, kuma da gaskiyarsu. Waɗannan mutane na san gonakinsu, na san iyayensu, a shekara tara da na yi a shagon nan mutum biyu ne kawai suka tafi da kuɗina, ɗayan ma rasuwa ya yi na yafe.

Ban zauna ina jiran sauƙi ya zo da kansa ba. Na sallami yaron shago, ɗana ne ke taya ni in ya taso daga makaranta. Na mayar wa mai gida ɗakin ajiyar da nake haya a baya. Na daina sayo kayan da ke daɗewa a kanta, irin su turare da biskit mai tsada, na tsaya a kan abin da ake ci kullum. Firiza ɗaya daga cikin biyun da nake da su na sayar, kuɗinta na hannuna. An ba ni shawarar in karɓi kaya bashi wajen wani ɗan kasuwa in karyar da su in biya ku, na ƙi, domin wannan an sayar da kare ne an sayi biri, kuma wata uku nan gaba da masu bina biyu zan tashi.

Tsarin da nake roƙo shi ne kamar haka. A ranar da kuka amince zan biya fam 300,000 na cikon watan Mayu, daga kuɗin firizar, ya rage fam 3,000,000. A watannin Agusta, Satumba da Oktoba zan riƙa biyan fam 100,000 kowane wata. Kaɗan ne, na sani, amma shi ne abin da na tabbata zan iya ba tare da na sake zuwa gabanka da wani uzuri ba. A Nuwamba, Disamba da Janairu, lokacin da riɗi da dawa ke shiga kasuwa, masu bashi ke biya, zan biya fam 500,000 kowane wata. Daga Fabrairu zuwa Mayun 2026 kuma fam 300,000 kowane wata, azumi na cikin wannan tsakanin, zai taimaka. Da wannan kuɗin ya cika cif a ranar 5 ga Mayu, 2026.

Na fahimci cewa a murabaha farashi in an yanke ya yanku, ba a ƙara riba don an ƙara lokaci, saboda haka jinkirin nan a kan banki yake faɗawa, ga shi kuma fam na yau ba shi ne na baɗi ba. Ban raina wannan ba. Shi ya sa na tura kaso mafi nauyi zuwa watannin kaka maimakon in shimfiɗa shi daidai har ƙarshe, kuma na yi alkawari duk abin da na karɓo daga littafin bashi fiye da yadda na zata zan kawo shi kafin lokacinsa. Ina kuma tuna mana duka ayar da ke cikin Suratul Baƙara, wadda ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Domin ƙarin tabbaci, ina da gonar riɗi fadan biyar da na shuka bana tare da ƙanena, na yarda a rubuta rabona na amfanin a cikin sabuwar yarjejeniya. Alhaji Isa ya karanta wannan takarda, ya ce yana nan a kan lamuninsa, zai zo ya sa hannu duk ranar da aka kira shi. Na kuma yarda jami'inku ya riƙa zuwa kowane wata yana duba littafin ciniki da kayan da ke kanta.

Sai maganar cak, wadda ita ce ke hana ni barci. Na gode da kuka riƙe na Yuni da na Yuli ba ku gabatar ba. Na Agusta zai cika ranar 5 ga wata, kuma babu fam 600,000 a asusuna. Kowane ɗan kasuwa a ƙasar nan ya san sashe na 179 na dokar laifuka, wanda ke hukunta mai ba da cak babu kuɗi a asusunsa, ya san mutanen da aka tsare aka ce sai sun biya. In abin ya kai can, shagon rufewa zai yi, masu bashi babu mai bin su, mutum tara da ke ci a gidana su koma kan Alhaji Isa, wanda ya haura shekara saba'in. Banki kuma ya jira fiye da wata bakwai ɗin da nake roƙo. Don haka ina neman a dakatar da gabatar da sauran cak ɗin har kwamiti ya yanke shawara, in an amince in rubuta sababbi bisa sabon tsari, a mayar mini da tsofaffin.

Na haɗa da kwafin yarjejeniyar, rasit ɗin duk abin da na biya, shafukan littafin ciniki daga Nuwamba zuwa Yuli, da jerin bashin da nake bi gida-gida. In akwai wani wuri a tsarin nan da bai dace da ƙa'idarku ba, ina roƙon a kira ni mu zauna kafin a yanke hukunci. Zan shigo reshe ranar Lahadi mai zuwa, 27 ga Yuli, da safe, tare da asalin littattafan.

Allah ya ƙara girma, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Haruna Abdullahi Garba
Mai shago, Daim Annur, Gadarif