Saƙon Taya Murna ga Makarantar Nazarin Larabci ta Kano Kan Cika Shekara 90

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Shugaban makaranta, iyayenmu malamai, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai da ƙannenmu da ke cikin azuzuwa a yau, assalamu alaikum. Ina taya mu murna da Allah Ya nuna mana shekarar 2024, wadda makarantarmu ta cika shekara 90 da kafuwa a cikinta.

An buɗe ta a 1934, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, a matsayin makarantar koyon shari'a wadda za ta horar da alƙalai da muftai domin kotunan lardunan Arewa, kuma sai a 1947 aka faɗaɗa aikinta, aka ba ta sunan da muka san ta da shi. Ya kamata mu faɗi gaskiya cewa ba da ita ilimi ya fara a Kano ba. Ƙarnuka kafin a aza tubalinta ana karanta Risala da Muhtasar a zaurukan birnin nan, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa malamai irin su Shehu Magili suke sauka a garin, har ma makarantar shari'a ta Shahuci ta riga ta da 'yan shekaru. Haka kuma a ƙarƙashin mulkin Turawa aka kafa ta, kuma su ma suna da tasu buƙatar ta samun ma'aikatan kotu. Faɗin haka ba ya rage mata daraja, sai ma ya fito da ainihin abin da ta zo da shi.

Abin da ta zo da shi kuwa shi ne ɗauko karatun zaure ta shigar da shi aji, da manhaja da jadawali da jarrabawa, ba tare da ta yar da littattafan mazhabar Malikiyya da aka gada ba. Malaman da aka ɗauko daga Sudan, irin su Shehu Bashir al-Rayyah, sun koyar da Larabci a matsayin harshen da ake magana da rubutu da shi, ba wanda ake fassarawa kalma bayan kalma kaɗai ba. A kan wannan turba marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya yi karatu a nan, ya wuce Baht al-Ruda a Sudan, daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. A harabar makarantar nan kuma aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero, ta girma har ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Sai dai ni idan aka ambaci makarantar, ba waɗannan manyan sunaye ne suke fara zo mini ba, darasin rabon gado ne. Wata rana malaminmu, Allah Ya ji ƙansa, ya miƙa mini alli ya ce mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙanta mata biyu, in raba. Na ba miji rabi, uku cikin shida, na ba shaƙiƙan biyu bisa uku, huɗu cikin shida, sai na ga rabon ya kai bakwai alhali asalin mas'alar shida ne, na sa hannu zan goge. Ya ce, "Kada ka goge, ɗana, lissafinka daidai ne, auli ke nan." Ya mayar da asalin bakwai, ya nuna mana yadda kowane magaji yake ɗaukar ragin gwargwadon rabonsa, sannan ya hana mu fita sai da kowa ya warware irinta da hannunsa. Da yawa daga cikin 'yan ajin nan ba wanda ya taɓa jin sunansu a rediyo, amma sun ƙare rayuwarsu suna koyarwa a makarantun ƙauyuka, suna limanci, suna raba gado tsakanin marayu ba tare da an tashi baram-baram ba, kuma a ganina rabonsu a cikin wannan murna bai gaza na kowa ba.

Ina roƙon hukumar makaranta da mu tsofaffin ɗalibai mu tattara tsofaffin rajistoci da hotuna da takardun jarrabawa a adana su, a kuma naɗi bayanan dattawan da suka rage tun suna iya ba da labari da bakinsu.

Allah Ya gafarta wa waɗanda suka kafa ta da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa masu riƙe da ita lafiya da haƙuri. Wassalamu alaikum.

Daga ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibanta, Kano.