Takardar Neman Izinin Rabin Yini Duk Ranar Talata

Kura, Jihar Kano
4 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Alhaji, mai injin casar shinkafa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina yi maka barka da damina. Allah ya ba mu albarkarta, ya tsare mana gonaki daga ambaliya.

Na so in same ka baki da baki ranar Asabar, sai aka ce ka wuce Dawanau tun da asuba. Manaja ya ba ni shawarar in rubuta, don maganar ta zauna a takarda kowa ya san inda aka tsaya. Roƙona shi ne ka ba ni izinin rabin yini duk ranar Talata, daga safe zuwa azahar, har tsawon mako 12, daga 12 ga Agusta zuwa 28 ga Oktoba, domin in riƙa zuwa gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala.

Ka san asalin abin, don kai ka aiko da mota aka kai ni. Kwana huɗu bayan Babbar Sallah babur ya zame da ni a kan hanyar gona bayan ruwan dare, na dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Mutane da yawa sun ce a kai ni wajen mai ɗori, kai ka ce a fara ɗaukar hoto tukuna. Ban manta ba, Allah ya saka da alheri. Na yi mako shida da filasta, aka cire ranar 22 ga Yuli, aka sake hoto, likita ya ce ƙashi ya haɗe yadda ake so. Alhamdu lillahi.

Sai dai hannun bai dawo ba. Yatsuna ba sa dunƙulewa gaba ɗaya, wuyan hannun ba ya lanƙwasuwa, in na juya tafin sama kamar mai karɓar abu sai in ji ya tsaya a rabin hanya. Biro ina riƙe shi, amma kafin in cika shafi ɗaya hannun ya kumbura. Idan ka buɗe littafin awo ka dubi shafukan wannan makon ka gwada su da na watan Mayu, za ka ga kamar mutum biyu ne suka rubuta. Shekaranjiya wata daga cikin matan da ke kawo turararriyar shinkafa ta ce buhu bakwai ta kawo, ni kuma na kasa rabe ko 7 na rubuta ko 1, sai da muka je muka ƙirga. Abin ya tsaya mini a rai, domin amanar littafin nan ita ce aikina, kuma shekara shida ina riƙe da shi ba a taɓa jayayya da ni a kan lamba ba.

Likitar gashi ta yi mini bayani yadda na fahimta. Ta ce gaɓar da ta daɗe a ɗaure ba ta motsi, jijiyoyi da naman da ke kewaye da ita kan ƙage, tsoka kuma ta rame. Maganin shi ne a ɗumama wurin, a riƙa lanƙwasa shi a hankali ana ƙara nisa kaɗan kaɗan, sannan a koma ga ƙarfafa riƙo. Ta ce watannin farko bayan cire filasta su ne lokacin da gaɓa ta fi karɓar gyara, in aka bari ta sandare a haka, aikin yakan ninka, wani lokaci ma ba ta komawa daidai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da farko sau biyu a mako ta so in riƙa zuwa. Na gaya mata daga Kura nake kuma ina ƙarƙashin wani, shi ne ta yarda da sau ɗaya, bisa sharaɗin in riƙa yin atisayen da ta koya mini a gida safe da yamma. Ina yi, har ƙwallon roba na saya ina matsawa a bakin sikeli in babu layi.

Ga yadda na tsara ranar. Zan tashi bayan sallar asuba in hau motar farko ta hanyar Zariya, in sauka Na'ibawa in nemi adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa, don in kasance cikin na farkon layi. Gashin kansa bai kai awa ɗaya ba, jira da cunkoson gari ne ke cin lokaci. In Allah ya yarda ƙarfe biyu ina bakin aiki. Talata na zaɓa cikin ranakun da aka ba ni, saboda a littafinmu ita ce ranar da kaya suka fi ƙaranci da safe.

Ba zan bar sikeli babu kowa ba. Na yi magana da ɗan ƙanwarka da ke karɓar kuɗi, ya ce zai iya haɗawa da awo na waɗannan sa'o'i in ka amince. Zan ware masa takarda daban, ya rubuta sunan mai kaya da yawan buhu da nauyi, in na dawo mu zauna tare in shigar cikin babban littafi kafin magariba. Makullin sito zan ba manaja tun daren Litinin. Sa'o'in da na rasa kuma a shirye nake in rama su, ko da yammacin Juma'a ko ranar da ake lodin mota da dare.

Game da albashi, an nuna mini cewa Dokar Ƙwadago ta ƙasa, sashe na 16, ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da biya idan likita ya tabbatar da rashin lafiyarsa. Ni na riga na wuce haka, domin mako uku na yi a gida kuma ko kwabo ba ka cire mini ba. Saboda haka ba hakki nake nema ba, alfarma ce. Rabin yini sau 12 kwana shida ke nan. In ka ga a cire su daga albashina, wallahi na yarda da zuciya ɗaya, in kuma ramuwar ta wadatar, to madalla.

Abin da ya sa nake gaggawar a fara yanzu shi ne kaka. Daga ƙarshen Oktoba shanshera za ta fara shigowa daga Kura da Garun Malam da Bunkure, mu wuni mu kwana muna awo, lokacin da ko fita sallah sai an yi karɓa-karɓa. Ba zan iya buɗe baki in nemi izini a wannan lokacin ba, kuma ba na so kaka ta same ni da hannun da ba ya cika shafi. Yanzu da injin ke aiki rabi da rabi, rashina na safiya ɗaya ba zai tsayar da komai ba.

Na haɗa da kwafin katin asibiti da takardar da likitar ta rubuta. Duk zuwan da na yi za a sa hannu a katin, zan riƙa nuna wa manaja. In aka sallame ni kafin mako 12 su cika, a ranar zan sanar da kai. Ina roƙon in ji amsarka kafin Juma'a, domin in tabbatar musu da ranar 12 ga wata.

Allah ya ƙara girma da arziki, ya jiƙan mahaifa.

Wassalam.

Yaronka,
Malamin sikeli