Jadawalin aikin gonarmu ta hanyar Gezawa na daminar bana

Auwalu, ga tsarin da muka zauna muka yi da Baffa a gida Fagge ranar Juma'a. Ka riƙe kwafi ɗaya, ka kai wa Malam Idi ɗaya tunda shi ke kwana kusa da gonar. Watannin da na rubuta kirdado ne. Lissafin gaske yana farawa ne daga ranar da iri ya shiga ƙasa, don haka duk ɓangaren da aka shuka, ka rubuta ranar a bangon ɗakin ajiya da gawayi. Bara mun yi ta musu a kan ko masara ta kai mako huɗu ko biyar, har lokacin taki ya wuce.

Rabon gonar: eka 2 na kwari masara, eka 2 na jigawa gero da dawa da wake, eka 1 na bakin hanya gyaɗa. Gyaɗar za ta hau inda dawa ta zauna bara, wurin da wuta-wuta ta yi mana yawa.

Afrilu zuwa tsakiyar Mayu

Sharar gona da kai takin gida. Kada a ƙone komai sai ƙaya, sauran a bar shi ya ruɓe. Takin da ke garken Baffa a fara zuba shi a jigawa. Ni zan sayi iri da takin zamani a nan cikin gari kafin ruwa ya sauka, domin da zarar an yi ruwan shuka kuɗinsu yake tashi: masara mai saurin nuna kilo 16, gyaɗa SAMNUT 24 ta cibiyar bincike ta Samaru, NPK 15-15-15 buhu 5, yuriya buhu 3. Irin gero da na dawa muna da namu a rumbu. Ka ɗibi ƙwaya 20 daga kowanne ka shuka a tsohon kwano. In ƙasa da 16 suka fito ka gaya mini da wuri. A kama mai garmar shanu tun yanzu, a ba shi kafin alƙalami.

Ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuni

Baffa yana son a yi binnen gero kamar yadda aka saba, kuma na yarda masa, domin irin gero ba shi da tsada, in ya ƙone a sake. Masara da gyaɗa kuwa ba za a taɓa su da ruwan farko ba. A Kano sau da yawa ruwan Mayu yana sauka sau ɗaya ya ɗauke kwana goma ko fiye. Sai an samu ruwa biyu masu ƙarfi kusa da juna, ka tona ƙasa ka ga laima ta kai tsawon tafin hannu, sannan a yi huɗa a shuka. Yawanci hakan yana faɗowa daga tsakiyar Yuni.

Masara: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, a bar tsiro ɗaya. Gyaɗa ta biyo baya cikin mako guda. Dawa a shuka ta a tsakanin geron idan ya tsiro ya tsaya. Duk iri a gauraya shi da maganin iri kafin shuka, kuma wanda ya gauraya ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

In za a fesa maganin ciyawa a masara, a yi shi cikin kwana biyu da shuka, ƙasa da laima. A masara kaɗai. Wannan maganin yana ƙone wake da gyaɗa, saboda haka a wanke injin feshi sau uku kafin ya shiga wani ɓangaren.

Kwana 10 zuwa 45 bayan shuka

Nan ne gonar take cin kuɗi, nan ne kuma ake yin asara. Kwana 10 zuwa 14: NPK buhu 4 a masara, a tona ɗan rami nesa da gindi kamar yatsu huɗu a rufe, kada a watsa a sama. Buhu na biyar na gero da dawa ne. Mako biyu zuwa uku: noman fari a ko'ina, tare da rage gero da dawa zuwa biyu ko uku a rami. Mako biyar zuwa shida: maimai, sai yuriya buhu 2 a masara da buhu 1 a dawa, a tayar da kunya a rufe takin. Gyaɗa ba ta buƙatar yuriya.

Kuɗin 'yan ƙwadago na noman fari da na maimai na ware su daban, suna hannun Hajiya, kuma ba a ara. A makonnin nan kowa a ƙauye neman hannu yake yi, wanda ya ce a jira shi ya turo kuɗi daga Kano shi ake yi wa noma a ƙarshe.

Daga mako na biyu Malam Idi ya riƙa zagaya masara sau biyu a mako da sassafe, yana leƙa cikin kan tsiron. Tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 a can take ɓuya. Alamarta ganye mai huji da kashinta kamar garin katako. In ya duba tsiro 50 ya samu kamar 10 da ita, a yi feshi da yamma, a saita bakin injin cikin kan tsiron. In ba ta kai haka ba, a matse ta da hannu a adana kuɗin.

Tsakiyar Yuli zuwa Agusta

Wake ya shiga tsakanin gero daga tsakiyar Yuli, kada ya wuce farkon Agusta. Da zarar gyaɗa ta fara sakin ƙafa cikin ƙasa, fartanya ta bar wurin, ciyawa sai da hannu. A riƙa duba darɓa a jikinta, ita ke yaɗa cutar da ta durƙusar da gyaɗar Arewa a 1975, Baffa har yau yana ba da labarin. Wuta-wuta a cire ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gonar.

Feshin wake uku ne: na farko idan ya fara haɗa fure, wajen kwana 30 zuwa 35, sauran biyun a tsakanin kwana goma-goma. Agusta watan marka ne, kada a fesa hadari na haɗuwa ko iska na kaɗawa. Mai feshi ya sa doguwar riga da takalmi ya rufe hanci. Robar magani a huda ta a binne, kada in sake ganin ta a ɗakin ajiya da gishiri a ciki.

Satumba zuwa Nuwamba

Gero ne farko, wajen kwana 90, a kwantar da karan don wake ya sha rana. Gyaɗa a tuge gindi biyu a fasa: in cikin ɓawon ya yi duhu ta isa cira, kuma a cire ta kafin ƙasa ta ƙame. Masara sai ɓawonta ya bushe goyon ya sunkuya. Ita da gyaɗa a shanya su a kan tamfol, ba a ƙasa ba, saboda ruma mai dafi da ke kama su in sun sha laima. Roron wake sau biyu ko uku a Oktoba, bayan kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika. Dawa sai Nuwamba, bayan iskar hunturu ta busar da ita.

Harawa a ɗaure ta a ɗora a kan rufi kafin dabbobi su shigo. Wake a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ba tare da magani ba. Zakka ɗaya cikin goma a fitar da ita a wurin awo in amfanin ya kai nisabi. Ba za mu kai komai Dawanau da kaka ba sai gyaɗa buhu biyu don biyan masu girbi, sauran sai mun sake zama da Baffa.

Duk ranar Asabar zan zo da safe in Allah ya yarda. Ranar da aka yi ruwan shuka kuwa ka kira ni ko da tsakar dare ne.